Kafin ku zargi Fibonacci, ku duba inda kuka ɗora shi

Ƙannena masu koyon tireding, yawancin asarar da ake ɗora wa Fibonacci, wato kayan aikin da ake ja a cat don auna inda farashi zai iya tsayawa in ya dawo baya, tun daga wajen ja ɗin aka yi ta. Shi kayan aikin nan ba ya da wani aiki illa ka ba shi wurare biyu, ƙasa da sama, ya raba maka tazarar da ke tsakaninsu. Idan ka ba shi wuraren da ba su dace ba ba zai yi maka gardama ba, zai zana maka layuka masu kyan gani ne kawai, kai kuma ka ɗora kuɗinka a kai. Na daɗe ina yin haka, shi ya sa nake so in yi muku bayanin da ni ban samu da wuri ba.

Lambobin kansu ba wani asiri a cikinsu. Jerin nan ne na 1, 1, 2, 3, 5, 8, 13, 21, 34, 55, 89 da kowace lamba jimillar biyun da ke bayanta ce. Ka raba 55 da 89 za ka samu 0.618, ka raba 34 da 89 ka samu 0.382, 21 da 89 kuma 0.236. Ita 0.786 tushen murabba'in 0.618 ce, ita kuwa 0.5 ma ba daga jerin ta fito ba, 'yan kasuwa ne suka saka ta saboda farashi kan dawo rabin tafiyarsa. To goldin zon ɗin da ake ta magana, wato yankin da ake sa ran farashi zai juya ya ci gaba da tafiyarsa, wasu suna nufin tsakanin 0.5 da 0.618, wasu 0.618 zuwa 0.65, wasu ma har 0.79 suke kai shi. Wannan saɓanin kaɗai ya isa ya nuna muku cewa ba layi ɗaya ba ne da farashi zai taɓa ya juya dole.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe, lambobin na misali ne amma irin abin da ya riƙa faruwa da ni kenan. A ce EURUSD a H4 ya tashi daga 1.0800 ya hau har 1.1000, tafiyar pip 200 kenan. A hanyar hawan ya ɗan huta, ya ɗan sauko zuwa 1.0880 na kyandir biyu ko uku sannan ya ci gaba. Yanzu ya kai 1.1000 ya fara dawowa ƙasa, kai kuma kana son ka saya a dawowar.

Abin da ni nake yi a da shi ne in kama wancan ɗan ƙaramin hutun na 1.0880 in ja daga nan, saboda shi ne ya fi kusa da idona, kuma gaskiyar magana saboda shi ne zai ba ni damar shiga da wuri. Daga 1.0880 zuwa 1.1000 pip 120 ne, 0.618 ɗinsa ya faɗi a wajen 1.0926. Sai in ajiye oda a nan, in sa Stop Loss a 1.0870 wai ƙasa da suwin ɗina, wato tafiyar da na ja layukan a kanta, in kwanta da kwanciyar hankali. Farashi ya zo ya ɗauki odar, har ya ɗan yi sama kaɗan, sannan ya ci gaba da gangarowa ya wuce 1.0900, ya wuce 1.0880, ya cire ni a 1.0870, ya taɓa 1.0865 sannan ya juya ya koma 1.1000 ba tare da ni ba. A lokacin abin da nake cewa shi ne kasuwa farautar sitof ɗina take yi.

Yanzu ku ja daga asalin inda tafiyar ta faro, wato 1.0800. Lissafin mai sauƙi ne:

```
matakin = sama - (sama - ƙasa) × kaso
1.1000 - 0.0200 × 0.618 = 1.0876
```

0.382 ya zama wajen 1.0924, 0.5 ya zama 1.0900, 0.618 ya zama 1.0876, 0.786 kuma 1.0843. Ku duba abin da ya fito. Wurin da na saya ina ganin goldin zon ne, ashe a babban suwin 0.382 ne kawai, dawowar ba ta yi nisa ba tukuna, shi ma ya sa ya ɗan yi sama ya ruɗe ni. Sitof ɗina kuma na ajiye shi pip 6 kacal ƙasa da ainihin 0.618, daidai inda waɗanda suka ja daidai suke jiran saye. Babu wanda ya farauce ni, ni na kai sitof ɗina inda za a taka shi.

To ya ake gane suwin na gaskiya? Tambayar da nake yi wa kaina yanzu ita ce, daga ina tafiyar da ta karya tsohon saman ta faro? Idan akwai tsohon sama a 1.0950 kuma farashi ya rufe samansa, to mafi ƙasan wurin da ke tsakanin wancan tsohon saman da karyawar, shi ne ƙasan suwin ɗinka. Ɗan hutun kyandir biyu a tsakiyar hanya ba shi ba ne a wannan taimfirem ɗin, ko da a M15 ya fito kamar babban abu. Gwaji mai sauƙi, ka matse cat ɗin ya yi ƙanana, idan wurin da ka zaɓa ya ɓace har sai ka buɗa sosai kafin ka gan shi to ba shi ba ne. Suwin ɗin da ya kamata ka ja shi ne wanda duk wanda ya buɗe cat ɗin nan zai gani cikin daƙiƙa biyu, domin ƙarfin matakan nan, in ma suna da shi, yana zuwa ne daga yawan mutanen da suke kallon wuri ɗaya suna ajiye oda a nan. Layin da kai kaɗai ka gani a duniya ba wanda zai kare maka shi.

Saman ma yana da nasa sharaɗin, kuma nan gaggawa ta fi cin mutane. Ba a kiran wuri saman suwin sai farashi ya juya daga gare shi. Ni ina jira in ga aƙalla kyandir biyu sun rufe bayansa ba tare da sun kai tsayinsa ba. Idan ka ja tun yana hawa, a 1.0970 misali, ya ƙara hawa zuwa 1.1000, duk layukanka sun tashi daga aiki, sai ka sake ja. Kuma idan hawa ake yi ka ja daga ƙasa zuwa sama ta yadda 0 zai zauna a sama, 1 a ƙasa, idan sauka ake yi ka juya. Ka duba wannan da idonka kowane lokaci, domin idan ka juya shi 0.382 zai zauna a mazaunin 0.618 kuma cat ɗin ba zai nuna maka an yi kuskure ba.

Sai maganar jela da jiki. Wasu suna ja daga ƙarshen jelar kyandir, wasu daga inda jikin ya rufe, kuma kowa yana da hujjarsa. A misalinmu a ce jelar ta kai 1.0800 amma jikin ya rufe a 1.0820. Mai ja daga jela 0.618 ɗinsa 1.0876 ne, mai ja daga jiki nasa wajen 1.0889 ne, bambancin pip 13 a kan suwin ɗaya, a cat ɗaya. Ka ƙara da cewa farashin wani biroka yakan ɗan bambanta da na wani, ga sifired da yake buɗewa lokacin labarai. Ta yaya layi ɗaya zai zama daidai ga kowa har zuwa pip ɗin ƙarshe? Shi ya sa nake ɗaukar duk tsakanin 1.0900 da 1.0876 a matsayin unguwa guda, kuma ina sa ran farashi zai iya leƙawa ƙasa da ita kafin ya juya, kamar yadda ya taɓa 1.0865. Ni jela nake amfani da ita, sama da ƙasa, a TradingView ina kunna maganaɗisun nan don kayan Fib Retracement ya manne daidai a bakinta. Kai ka zaɓi naka amma kar ka canza shi daga tired zuwa tired, domin mafi munin halin da na yi fama da shi shi ne in riga in yanke cewa saye zan yi, sannan in riƙa matsar da wuraren biyu, yau jela gobe jiki, har sai wani layi ya faɗo daidai inda farashi yake. A cat ɗin da ya riga ya wuce kuwa kullum za ka samu suwin ɗin da ya yi daidai, shi ne ya sa hotunan da ake yaɗawa suke da ban sha'awa.

Da farashi ya shigo zon ɗin, aikin kallo ne ya fara, ba lokacin danna saye ba ne kai tsaye. Ina duba hagu in ga ko akwai wani dalili na daban a wurin, kamar tsohon sama da aka karya a baya wanda zai iya zama safot yanzu. Sannan ina kallon yadda ya shigo. Idan da manyan jajayen kyandir ya faɗo yana rufewa a ƙarshen ƙasansu, ina janye hannuna. Idan kyandir ɗin suna ƙanƙancewa, jela tana fitowa ta ƙasa, sannan ɗaya ya leƙa 1.0865 ya dawo ya rufe a cikin zon ko samansa, to yanzu akwai magana. A ce ka shiga a 1.0895, sitof a 1.0855 ƙasa da waccan jelar, kasadar pip 40 kenan, zuwa 1.1000 kuma pip 105, sama da ninki biyu da rabi. Ka kwatanta da wanda ya ajiye oda a makance a 1.0890 ya kai sitof can ƙasa da 1.0800, a ce 1.0790, shi yana kasadar pip 100 don neman 110. Girman lot kuma daga nisan sitof ake fitar da shi: mai dala 1000 da ba ya son ya rasa fiye da kashi 1 cikin 100, wato dala 10, a EURUSD lot 0.01 yana ba da kusan santi 10 a kowane pip, don haka lot 0.02 a kan pip 40 dala 8 ne, ya tsaya cikin iyakarsa.

Jiran tabbacin nan yana da nasa farashin, wani lokaci farashi zai taɓa 0.5 ya tashi ba tare da ya ba ka alamar da kake jira ba, ko ma ya juya tun daga 0.382 idan hawan yana da ƙarfi, sai dai ka bi shi da ido. Wani lokacin kuma duk alamomin su cika, ka shiga, ya cire ka duk da haka. Idan kyandir ɗin H4 ya rufe ƙasa da 0.786, wato 1.0843, ni na daina kiransa dawowa, idan kuma ya rufe ƙasa da 1.0800 to suwin ɗin ya mutu gaba ɗaya, sai in goge layukan in jira sabon tsari ya fito. Haka idan kasuwa tana kai-kawo ne tsakanin iyakoki biyu ba hawa ba sauka, ba na ma ɗauko kayan, domin 0.5 da 0.618 a nan tsakiyar akwatin suke faɗawa, inda farashi yake ratsawa sama da ƙasa ba tare da ya tsaya ba.