Idan jimla ta haɗa da kanta a Excel: yadda na gano matsalar na gyara

Fayil ɗin na wani shagon hatsi ne a Kasuwar Bacci, nan Kaduna, kuma tsarinsa ba shi da wuya. Kolom A kwanan wata, B sunan kaya, C yawan buhu, D farashin buhu ɗaya, E kuɗin da aka samu. Ciniki ya fara daga layi na 2 ya tsaya a layi na 21, jimla tana E22. Yaron da ke riƙe da lissafin shagon ne ya kawo mini kwamfutar, ya ce: "Malam, tun shekaranjiya nake ƙara ciniki amma jimlar ta ƙi motsi, kuma duk na buɗe sai wani saƙo ya fito."

Saƙon yana farawa da "There are one or more circular references where a formula refers to its own cell either directly or indirectly." Abin da Excel ke faɗa shi ne akwai fomular da ke neman amsarta daga akwatin da take zaune a ciki. Kafin ya san abin da ke E22 sai ya tara akwatunan da aka ba shi, to E22 ɗin yana cikin waɗanda aka ba shi, don haka babu inda zai fara. Sai ya dakata, ya bar sifili a akwatin, ko kuma ya bar adadin ƙarshe da ya lissafa kafin matsalar ta shigo.

Wannan na biyun shi ne abin tsoro. Sifili kowa zai gan shi ya san da matsala. Tsohon adadi kuwa yana nan zaune da kamarsa ta gaskiya, da waƙafi da alamar naira, mutum zai kwafe shi ya kai wa maigida. A wannan fayil E22 yana nuna 1,180,000. Na ja linzami daga E2 zuwa E21, na duba sandar da ke can ƙasan allo inda Excel ke nuna Sum na duk abin da aka zaɓa, sai ga 1,250,000. Naira 70,000 na cinikin da aka ƙara daga baya ba su shiga jimla ba. Wannan gwajin nake fara yi kullum kafin in taɓa kowace fomula, domin yana ba ni adadin da ya kamata in gani bayan gyara.

Neman akwatin da ya lalace ba ya ɗaukar lokaci idan an san inda za a duba. A wannan sandar ta ƙasa, ta hannun hagu, an rubuta Circular References: E22. Mutane da yawa suna danna OK a kan saƙon su ci gaba da aiki, ba sa lura cewa adireshin yana nan ƙasa yana jiransu. Idan aka ga Circular References kawai babu adireshi, to matsalar ba a shafin da ake kallo take ba, tana wani shafin. A nan sai a je Formulas, a danna 'yar kibiyar da ke gefen Error Checking, a ɗora linzami kan Circular References. Zai fito da adireshin, ana danna shi sai ya kai mutum har kan akwatin.

Da na isa E22 na danna F2. Wannan maɓallin yana buɗe fomular, kuma yana zagaye akwatunan da take tarawa da layi shuɗi. A fomula mai lafiya layin zai tsaya a saman akwatin jimla. A nan ya sauko ya rufe har da E22 ɗin da nake ciki. Ga abin da ke rubuce:

```
=SUM(E2:E22)
```

Na mayar da ita haka, na danna Enter:

```
=SUM(E2:E21)
```

Jimla ta koma 1,250,000, daidai da abin da na gani a ƙasan allo, adireshin E22 kuma ya ɓace daga sandar, sai rubutun Circular References kawai ya saura saboda matsalar da ke shafi na biyu. Idan bayan gyara rubutun bai ɓace ba, ko ya fito da wani adireshin, akwai wata matsalar daban, domin sandar adireshi ɗaya take nunawa a lokaci guda. Sai a ci gaba da bi har ta wanke.

Gyaran lamba ɗaya ne, amma idan ba a gano yadda 22 ta shiga ba, za ta dawo. A wannan fayil an saka sabbin layuka biyu dab da saman jimla, sai aka ga ba su shiga lissafi ba, wanda yakan faru idan sabon layi ya faɗo a wajen iyakar da fomula ta sani. Sai aka kama kusurwar layin shuɗin nan aka ja ƙasa da hannu, aka zarce da akwati ɗaya. Na sha ganin wasu hanyoyi biyu. Wani zai rubuta =SUM(E:E) don kada ya riƙa gyara iyaka kullum, sannan ya ajiye fomular a cikin kolom E ɗin, alhali E:E na nufin kolom ɗin gaba ɗaya tun daga sama har ƙasa. Wani kuma jimlarsa tana E41 tana tara E2 zuwa E40, sai ya ga layuka da yawa babu komai, ya yanke ta da Ctrl+X ya manna a E22 don ta matso kusa. Yankewa da mannawa ba ya sauya iyakar da fomula ke tarawa, don haka ta faɗo tsakiyar abin da take lissafawa.

Shafi na biyu na fayil ɗin ya fi ba da aiki, domin a can babu fomular da ta ambaci akwatinta kai tsaye. Ana ba ɗan kamasho kashi 2 cikin 100 na ciniki, an kuma saka layin la'adarsa cikin jerin, a E21, da alamar ragi. Jimla tana E22.

```
E21: =-E22*2%
E22: =SUM(E2:E21)
```

Kowace ka duba ita kaɗai, lafiya lau take. Amma E22 yana jiran E21, E21 kuma yana jiran E22. Don in ga zagayen da idona na zaɓi E22 na danna Trace Precedents a ƙarƙashin Formulas, kibiya shuɗiya ta nuna akwatunan da yake ɗauka. Na zaɓi E21 na sake dannawa, sai kibiya ta fito daga E22 ta dawo sama. Inda kibiyoyi suka yi zobe, nan matsalar take. Remove Arrows yana share su bayan an gama. Idan shafin yana da fomuloli da yawa, Show Formulas yana bayyana su duka lokaci guda a madadin adadi, sai a karanta su kamar jeri.

A irin wannan ba adireshi ake gyarawa ba, tambaya ake yi: la'adar nan a kan wane kuɗi ake cire ta? Maigidan ya ce a kan cinikin gaba ɗaya kafin a cire komai. To ashe jimla biyu ake bukata, an cusa su a akwati ɗaya. Na raba su:

```
E21: =SUM(E2:E20)
E22: =E21*2%
E23: =E21-E22
```

Cinikin wannan shafin 900,000 ne, la'ada ta fito 18,000, abin da ya rage wa shago 882,000. Lissafi yanzu yana gangarowa daga sama zuwa ƙasa, babu akwatin da ke waiwayen wanda ya dogara da shi.

Akwai wata shawara da ake yawan bayarwa wadda nake roƙon kada a bi ta a kan jimla. Ana cewa a je File, Options, Formulas, a kunna Enable iterative calculation, saƙon zai daina fitowa. Gaskiya ne zai daina. Amma abin da aka yi shi ne an ba Excel izini ya riƙa maimaita lissafin, kuma saitinsa na asali shi ne Maximum Iterations 100 da Maximum Change 0.001, wato ya maimaita har sau 100 ko har sauyin ya yi ƙasa da 0.001. Jimlar da ta haɗa da kanta ba ta taɓa tsayawa, domin kowane zagaye tana ƙara cinikin a kan amsar da ta gabata, kamar mai awon da ke juye abin da ya auna cikin tulin yana sake aunawa. Na gwada a kwafin fayil ɗin don yaron ya gani: daga sifili, 1,250,000 ya zama 125,000,000, da na danna F9, maɓallin sake lissafi, ya sake haurawa. Wannan saitin yana da amfaninsa a lissafin da aka gina da gangan don ya zagaya har ya daidaita, ba a littafin ciniki ba.

Abin da ya ƙara masa haɗari shi ne yana bin fayil. Excel yana ɗaukar saitin daga fayil na farko da aka buɗe, ya yi amfani da shi a kan sauran da aka buɗe bayansa. Idan wani ya turo fayil da saitin a kunne, aka buɗe shi da farko, fayilolin shago za su iya samun wannan matsala ba tare da wani gargaɗi ba. Shi ya sa duk lokacin da na ga jimla tana ƙaruwa alhali ba a ƙara ciniki ba, nan nake fara dubawa in cire alamar.

Don kada a sake jan iyaka da hannu, na mayar da jerin cinikin tebur. Na goge tsohuwar jimla, na zaɓi A1 zuwa E21, na danna Ctrl+T, na tabbatar da alama a kan My table has headers, sannan na kunna Total Row a ƙarƙashin Table Design. Excel ya saka jimlar da kansa da SUBTOTAL, kuma duk layin da aka ƙara cikin teburin yana shiga lissafi ba tare da an taɓa fomula ba. Idan ana kan akwatin ƙarshe na layin ƙarshe aka danna Tab, sabon layi zai buɗe a saman jimla. Abu ɗaya da za a sani: idan aka tace teburin, misali aka bar masara kawai, wannan jimlar za ta nuna ta abin da ake gani ne kaɗai. Wanda ba ya son tebur zai iya fitar da jimlar daga kolom ɗin gaba ɗaya, ya ajiye =SUM(E:E) a G1, a can ba ta da hanyar haɗawa da kanta, da sharaɗin kada a bar wata jimlar a cikin kolom E, in ba haka ba kuɗin zai ninka.

Masu aiki da Google Sheets ba za su ga wannan saƙon ba, akwatin zai nuna #REF! ne, idan aka ɗora linzami a kai sai a ga Circular dependency detected. A LibreOffice Calc kuwa Err:522 yake fitowa. Gyaran duk iri ɗaya ne, sai dai su suna nuna kuskuren a cikin akwatin, ba sa barin tsohon adadi ya zauna kamar yadda Excel kan yi.

Kafin in mayar da kwamfutar na ƙara layin gwaji na buhu 1 a kan naira 1,000, jimla ta koma 1,251,000, na goge shi ta dawo 1,250,000. Na adana, na rufe fayil ɗin na sake buɗewa, domin a lokacin buɗewa ne Excel ke sake fito da gargaɗin idan da saura a wani shafi. Bai fito ba.