Rawuta ɗaya, mutum huɗu: wa zai riƙe kalmar sirrin gudanarwa?

Zaman hostel ne ya koya mini cewa rawuta, wato na'urar da ke raba intanet ta waifai, tana da kalmomin sirri biyu, kuma yawancin masu amfani da ita ɗaya kawai suka sani. Ta farko ita ce ta waifai, wadda kowa ke sawa a wayarsa don ya samu intanet. Ta biyu ita ce ta gudanarwa, wadda ake shiga shafin saitin na'urar da ita. Ana buɗe burauza a rubuta `192.168.0.1` ko `192.168.1.1`, wasu ƙananan na'urori masu amfani da layin waya kuma `192.168.8.1`, sai shafi ya fito yana neman suna da kalmar sirri. Na'urori da dama, musamman tsofaffi, suna zuwa ne da `admin` a matsayin suna da kuma kalmar sirri, kuma an rubuta hakan a sitikar da ke ƙarƙashinsu. Duk wanda ya juya na'urar ya karanta.

Wanda ya riƙe kalma ta biyun nan shi ne mai ɗakin a zahiri, ta fuskar intanet. Yana iya ganin kalmar waifai ya canza ta, yana iya ganin duk wayoyi da kwamfutocin da ke kai, ya toshe wadda ya ga dama, a wasu na'urorin ma ya rage wa wani gudu. Abin da ya fi damuna shi ne saitin `DNS`, wato inda na'urar ke tambayar adireshin kowane shafi. Mai mugun nufi zai iya canza shi ya karkatar da mutane zuwa shafin bogi, alhali su suna ganin komai na tafiya daidai.

Mu huɗu ne a ɗakinmu, muka haɗa kuɗi muka sayi rawuta ɗaya. Ɗaya daga cikinmu, wanda ya fi mu sanin kan na'urori, shi ya saita ta. Ya yi abin da ya kamata, ya cire `admin` ya sa kalma mai ƙarfi, sannan ya ɗaura na'urar a kan asusunsa a manhajar kamfanin da ya ƙera ta don ya riƙa dubawa daga waya. Babu wanda ya tambaye shi kalmar, domin intanet na aiki. Da ya kammala karatu ya tattara kayansa ya tafi, aka yi sallama lafiya lau. Bayan ɗan lokaci sai datarmu ta fara ƙarewa tun wata bai raba ba, da dare kuma shafi ba ya ko buɗuwa. Ashe kalmar waifai ta zaga ɗakunan da ke kusa. Wannan ba ya buƙatar wani ƙwarewa: tun daga Android 10 waya na iya nuna lambar `QR` da wani zai ɗauka ya shiga, iOS 16 kuma na nuna kalmar da aka adana. A kwamfuta mai Windows layi ɗaya a `Command Prompt` ya isa ya nuna kalmar:

```
netsh wlan show profile name="SUNAN_WAIFAI" key=clear
```

Maganin a bayyane yake, a canza kalmar waifai. Amma canza ta sai an shiga shafin gudanarwa, mai kalmar shiga kuwa ya yi nisa, kuma da aka same shi a waya shi kansa bai tuna abin da ya sa ba, domin manhajar ce ke shigar da shi kullum. Ba laifinsa ba ne. Ba mu taɓa zama mun yi maganar ba.

Abin da ya rage shi ne ɗan ramin nan na `Reset` a bayan na'urar. Ana danna shi da tsinke a riƙe kamar daƙiƙa 10, sai komai ya koma yadda ya fito daga kamfani. Komai fa: sunan waifai, kalmomin sirri, har da bayanan da mai samar da intanet ya bayar. Idan haɗin ku irin na `PPPoE` ne, akwai suna da kalma na daban da za a sake sawa, kuma in ba a rubuta su ba za ku kwana babu intanet har sai kun nemo su. Wannan ramin ya kuma nuna mini iyakar kalmar gudanarwa. Duk wanda hannunsa ya kai ga na'urar zai iya share ta. Alamar an yi hakan ita ce sunan waifai ya koma wanda ke jikin sitika, wayoyin kowa kuma su sauka a lokaci guda.

Bayan mun sake saitawa muka zauna muka yi yarjejeniya. Wani ya ce kowa ya san kalmar, tunda kowa ya ba da kuɗinsa. Na fahimci hujjarsa, amma ban goyi baya ba, domin idan kowa na da ikon canza saiti, ranar da wani abu ya lalace ba za a san wa za a tambaya ba. Mutum ɗaya kuma mun ga inda ya kai mu. Muka tsaya a kan biyu: ɗaya yana gudanarwa, ɗaya yana riƙe da kalmar a ajiye, kuma babu mai toshe wata na'ura ko canza wani saiti sai ya sanar da sauran. Duk mai son ganin jerin waɗanda ke kai, a buɗe masa shafin a gabansa ya gani. Baƙi kuwa muka buɗe musu `Guest Network`, wato waifai ta daban a rawutar, wadda za a iya canza kalmarta kowane lokaci ba tare da an taɓa tamu ba.

Sharaɗin da ya fi amfani shi ne na ranar tafiya. Muka amince tun babu wanda ke shirin tashi cewa duk wanda ya bar ɗakin, ko waye shi, a ranar za a canza kalmomin. Da yake an faɗa tun farko, babu wanda zai ɗauka ana zarginsa. Da wani daga cikinmu ya koma wani bene daga baya, shi da bakinsa ya ce, "Ku zo mu canza kafin in fita da jakata."

Tsarin canjin ma yana da muhimmanci. Ana fara da kalmar gudanarwa, domin in aka fara da ta waifai, wanda ya san ta gudanarwa zai sake karanta sabuwar da zarar ya jona kwamfuta da kebul ko wani ya ba shi hanya. Daga nan a duba manhajar kamfani a cire asusun mai tafiya, domin a na'urori da yawa wannan ɗaurin ba ya warwarewa don an canza kalma, kuma ta nan ake iya sarrafa rawuta daga nesa. A kashe `Remote Management`, wato saitin da ke ba da damar shiga shafin gudanarwa daga nesa, in yana kunne. A kashe `WPS` ma, wanda ke barin mutum ya shiga da danna maɓalli ko da lamba mai alƙaluma 8, tun 2011 aka gano rauninta. Sai a ƙarshe a canza ta waifai, a kan `WPA2` ko `WPA3`. Tsarin yana karɓar haruffa 8 zuwa 63, jimla doguwa mai sauƙin tunawa ta fi gajeren rikici.

Idan kowa ya sake shiga, a buɗe jerin na'urori a ƙirga tare. Kada a yi saurin zargi in an ga baƙuwar lamba, domin wayoyin zamani suna ɓoye ainihin adireshinsu na `MAC`, wato lambar da rawuta ke gane kowace na'ura da ita, su nuna wani daban, wani lokaci ma waya ɗaya ta fito sau biyu. Mu dai abin da muke yi shi ne kowa ya kashe waifai ɗinsa bi da bi, ana sabunta shafin, har a gane ta wane ce ta ɓace daga jerin.