Kafin ka matse hoto, yanka shi kashi uku ka jera

Shekaranjiya wani yaro da ke koyon aiki a shagonmu nan Yamai ya kawo hoton da ya ɗauko a bakin kogi da la'asar: mai kwale-kwale tsaye da sandar tuƙinsa ya nufi hagu, gadar Kennedy can bayansa. Hoto mai kyau. Ina kallo ya kama kusurwa ya yi ta ja har ba abin da ya rage sai fuskar mutumin da kafaɗunsa, yana shirin adanawa a kan na asali. Na riƙe masa hannu na ce, ƙanena, tsaya tukuna.

Aikina ne na gani a hannunsa. Na yi shekaru ina yanka sau ɗaya, in ga ya fi na farko, in ce shi ke nan. Ai kowane yanka yakan fi na farko a ido, tunda fuska ta ƙara girma. Ina da ɗan uzuri, don masu biki kansu babbar fuska suke so, ba ruwansu da abin da ke baya. Amma ba su suka sa ni adanawa a kan na asali ba, ba su kuma suka hana ni lissafi ba. Kamarar yaron tana ba da fiksel 6000 a faɗi, 4000 a tsayi. Yankansa ya bar 1500 da 1000, wato kashi ɗaya cikin 16. A waya ba za ka gane ba. Ka kai a wanke maka a santimita 20 da 30, inda ake son wajen 3500 a dogon gefe, sai gashin ido da saƙar hula su narke kamar an shafa musu mai. Irin waɗannan na bayar da yawa, na ɗora wa injin wanki laifi.

Ga abin da na sa shi ya yi. Da farko ya miƙe layin ruwa, don juya hoto ko da digiri 2 ne yana cin gefuna, gara ya ci tun kafin a fara auna su. Sannan kwafi uku. A manhajar gyaran hoto ta Lightroom Classic, Ctrl da ' yana ba ka kwafi ba tare da taɓa na asali ba, R ya buɗe wurin yanka, X ya mayar da na kwance tsaye. Na farko ya bar shi 3:2, wato faɗi uku tsayi biyu, ya rage zuwa 5400 da 3600, farar ledar da ke haske a gefen dama ta fita. Na biyu 4:5 a tsaye. Na uku 16:9.

Kada ka duba su ɗaya bayan ɗaya, ido yana mantuwa, na ƙarshe kullum shi ke cin nasara. Zaɓe su duka ka danna N su jeru, ka ja kujera baya har kowanne ya koma kamar akwatin ashana. A wannan girman hoto ba ya ɓoye aibinsa. Sai ka bar tsakiya, ka bi gefuna huɗu da ido. Na tsayen ya datse hancin kwale-kwalen, mutumin ya zama kamar zai yi karo da bango, ba wurin da zai shiga. Na 16:9 ya fito da gadar sosai, amma ya gutsure kan sandar, ga shi sandar ce ke kai ido daga sama zuwa hannunsa. Na 3:2 ya bar ruwa a gabansa kusan ninki biyu na wanda ke bayansa, sanda cikakkiya, layin ruwa bai ratsa wuyansa ba. Shi muka ɗauka, kuma ya dace da takardar 20 da 30, mai wanki ba zai ƙara yanka maka wani abu da ka ba.

Na yi niyyar ba shi dokoki goma, biyu suka fito. Kada ka yanka mutum a gwiwa, gwiwar hannu ko wuyan hannu. Ka bar fili ta inda yake kallo. Har na ce ya bi layukan nan da ke raba hoto gida tara, can kuma na ce ya kashe su, don na ga yana tura mutumin kan layi yana sake sako ledar. Wani hoton ma matsewar yake so, in bayan ba komai sai shara da wayoyin lantarki. To amma sai ka jera ka gani.

Ƴan yanzu ba su da haƙurin minti biyar. Kafin in dawo daga sallar magariba ya riga ya ɗora na tsayen a WhatsApp, wai shi ya fi cika allon waya.