Ranar da na gyara maganar wata mata har ta tashi daga tata

Lokacin da na fara kula da tallan wani kamfanin share-share da goge-gogen gidaje, aikina shi ne in ɗauko saƙonnin da masu gida suke turowa bayan an gama musu aiki, in mayar da su shaidar da za a wallafa. A ganina a lokacin, iya gyara ita ce gwaninta.

Wata mata ta turo saƙo mai layi shida. Ta ce ma'aikatanmu sun makara da kusan minti 20, amma sun kira ta tun suna hanya. Ta ce maiƙon da ya daskare a bangon bayan murhu, wanda ta gaji da kankara, ya fita tas, kuma sun mayar da kowane kaya mazauninsa. Na cire makarar don kada ta ɓata mana suna, na cire maiƙon don bai yi mini daɗin ji ba, na rubuta cewa aiki ya yi kyau, ma'aikata masu amana ne. Da na tura mata don ta amince, sai ta ce ita ba ta faɗi haka ba. Gaskiyarta. Kalmar amana daga bakina ta fito.

Na ji kunya, domin abin da na zubar shi ne mai amfanin. Mai karanta shaidar nan tunani yake yi ko zai bar baƙi su shiga har ɗakin kwanansa. Yabo kowa zai iya ƙirƙira, amma maiƙon bayan murhu sai wanda ya tsuguna ya gani. Makarar ma ba aibu ba ce a nan: ta nuna mutum ne ya rubuta, ta kuma nuna mukan kira idan mun makara.

Tun daga nan ban ƙara saka kalma a bakin kowa ba. Ina iya cire jimla sukutum idan maimaici ce, in gyara kuskuren rubutu, shi ke nan. Idan saƙon na ɗauke da ƙorafi na gaske, kamar an fasa madubi, ba na yanke shi in wallafa ragowar. Sai in miƙa shi ga mai warware matsalar.

Akwai kuma abin da nake cirewa dole. A saƙon matar nan ta ambaci ranar da ba kowa a gidan, kuma a hoton da aka ɗauka bayan aiki ana hango ambulan mai adireshinta a kan tebur. Na cire ranar, na yanke gefen hoton, na sake tura mata maganarta yadda ta rubuta, har da minti 20 ɗin. Ta amince a rubuce, da sharaɗin a sa harafin farko na sunanta kawai.