Wata huɗu na shago a kulle: lissafin da ya tsayar mini da haya

Karon farko da wa'adin hayar shagona ya zo ƙarewa, sai da ya rage mako uku na tashi na je wurin mai ginin. Na zauna na yi ta kawo masa kuka: kasuwa ta yi sanyi, kaya sun yi tsada, ga iyali. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce shi ma ai haka abin yake a wurinsa, ya faɗi sabon farashi. Na biya, domin ba ni da yadda zan yi. Mutumin da ya kafa kanta a bango, ya rataya allon suna, ya tara masu saye na shekara biyu, ba ya tashi cikin mako uku, kuma mai ginin ya fi ni sanin haka.

Da wa'adi na biyu ya matso, sai na ɗauko takardar yarjejeniyar tun saura wata shida na karanta ta daga farko har ƙarshe, abin kunya, a karon farko tun ranar da na sa hannu. A ciki na tarar da sharaɗin cewa duk wanda ba ya son a sabunta, ko yake son a sauya wani abu, sai ya sanar da ɗayan a rubuce wata uku kafin ƙarshen wa'adi. Ashe ranar da ta kamata in sa wa ido ita ce ta wannan sanarwar. Wancan karon na je ne bayan ƙofar magana ta riga ta rufe.

Na ji ƙishin-ƙishin cewa yana shirin ƙara kashi 20 cikin 100. Maimakon in sake shirya kuka, sai na zauna da biro na yi lissafin daga ɓangarensa. Akwai shago a jere ɗaya da nawa, girmansu ɗaya, wanda ya yi wata huɗu a kulle bayan mai shi ya tashi. Na sani domin kullum ina wucewa ta gabansa, ina ganin ƙura tana taruwa a kan kwaɗon. To a ce na tashi, nawa ma ya yi wata huɗu babu kowa: mai ginin ya yi asarar hayar wata huɗu ke nan. Sabon ɗan haya ya shigo da ƙarin kashi 20, wato kowane wata yana ba shi ɗaya bisa biyar na tsohuwar haya a kan abin da nake biya. Kafin wannan ɗan ƙarin ya cike gurbin wata huɗu, sai an yi wata 20. Ban ma sa fenti da gyaran da sabon mutum zai nema kafin ya shiga ba, balle ladan dillali idan shi zai biya.

Sai na juya biron kaina, kuma nan ne jikina ya yi sanyi. Tashi zai ci mini kuɗin ajiya a sabon wuri, da cire kanta da sake kafawa, da aƙalla mako biyu a rufe, da masu sayen da ba za su biyo ni ba. Da na haɗa, ya kai kimanin hayar wata biyar. Ƙarin kashi 20 kuwa, a shekara biyu, hayar wata 4.8 ce. Kusan kunnen doki. Ma'ana, idan ya dage, biya zan yi. Wannan lissafin na biyu a aljihuna na bar shi. Amfaninsa shi ne ya hana ni yin barazanar da ba zan iya cikawa ba. Na taɓa ganin wanda ya ce wa mai gini "in ba haka ba zan tashi", mai ginin ya ce masa Allah ya kiyaye hanya.

Na je masa saura wata biyar, da rasit ɗin biyan haya na shekara huɗu a cikin fayil, babu watan da ya yi latti. Bayan gaisuwa na ce: "Ranka ya daɗe, na zo ne mu yi maganar sabunta haya tun da sauran lokaci. Ina so in zauna shekara uku, a kan farashin da muke kai."

Ya yi dariya ya ce: "Malam, kai ma ka san komai ya tashi. Ni kaɗai zan tsaya wuri ɗaya?"

Ban musa ba, domin gaskiya ya faɗa. Na ce masa abin da na zo da shi shi ne shekara uku ba tare da wata ko ɗaya a kulle ba. Na ambaci shagon can da watanninsa huɗu, sau ɗaya tak, ban nanata ba. Ya iya lissafi fiye da ni. Sannan na ajiye abu biyu a gabansa: zan koma biyan wata uku-uku a gaba maimakon wata-wata, kuma gyaran ƙofar ƙarfen da ke maƙalewa da daɓen da ya tsattsage, waɗanda a takarda nauyinsa ne, ni zan ɗauka. Da gangan na zaɓi waɗannan. Gyaran zai ci mini ƙasa da hayar wata ɗaya, kuma ni ne nake fama da ƙofar kowace safiya, amma a wurinsa ciwon kai ne aka sauke masa.

Bai amsa ranar ba. Bayan kwana goma ya kira ni: shekara biyu babu ƙari, ta uku ƙarin kashi 10. Na karɓa. A shekara ukun gaba ɗaya ƙarin ya tsaya a hayar wata 1.2, alhali da kashi 20 ne tun daga farko da ya kai wata 7.2.

Wannan dabarar tana da iyaka. Tana ci ne kawai inda shaguna ke daɗewa a kulle. Idan a layinku shago na fita da safe a kama shi da yamma, ko maƙwabcinka ya riga ya je ya ce yana son naka ya faɗaɗa nasa, lissafin wata huɗu ya mutu, sai dai ka nemi a raba maka ƙarin shekara-shekara. Alamar tana da sauƙin gani: mai ginin da ke da mai jira ba ya ce maka bari ya yi tunani.

Saura kaɗan kuma in zubar da abin da na samu a wurin sa hannu. Sabuwar takardar ta rubuta hayar daidai yadda muka yi, amma can ƙasa an ƙara layi cewa kuɗin gadi da kwashe shara "mai gini ne zai ƙayyade lokaci zuwa lokaci". Ta nan ƙarin da aka hana shi shiga ta ƙofa zai iya shigowa ta taga. Na roƙi a rubuta adadinsa, kuma ba za a taɓa shi ba sai da shaidar abin da aka kashe. Na kuma sa aka ƙara cewa yarjejeniyar za ta ci gaba da aiki ko da an sayar da ginin, sannan na kai wa lauya ya duba kafin in sa hannu, domin dokar haya ta bambanta daga wuri zuwa wuri. Ranar sanarwa ta gaba kuwa, na rubuta ta a bangon littafin ciniki, da wata ranar wata uku kafin ita.