"Ba Za Mu Yi Ba"

Yau na zauna da yaron shagona a Kantin Kwari muna duba saƙonnin da ya tura wa abokan ciniki. Wani Alhaji, shekara 8 yana sari a wajenmu, ya nemi atamfa bandir 5 bashi. Amsar yaron: "Ba ma bayar da bashi." Ko sallama babu! Na goge na rubuta: "Ranka ya daɗe, a yi mana haƙuri, kuɗin kayan nan na masu shi ne, sai mun biya ƙarshen wata. In 2 za su isa, a ɗauka." Haka muka bi sauran saƙonni uku.

Bayan la'asar Alhaji ya kira yana dariya, ya ce a ajiye masa biyun. Har yanzu ina tunanin mutum nawa muka rasa kafin in duba wayar nan.