Wasiƙa zuwa ga 'yan rukunin karatunmu

Assalamu alaikum 'yan uwa,

Ga shawarata kan yadda za mu tsara mako tun jarrabawar ƙididdiga ba ta ƙure mu ba. Mu riƙa haɗuwa sau biyu: Talata daga ƙarfe 5 zuwa 6:30 na yamma, sai Asabar daga 10 na safe zuwa 12. Ran Litinin malam ke shiga sabon babi, don haka Talata mu warware abin da ya shige mana duhu tun da ɗuminsa. Asabar kuwa tambayoyin jarrabawar shekarun baya za mu yi, littafi a rufe, agogo a gabanmu.

Mu huɗu ne, aikin ma huɗu, kuma karɓa-karɓa za mu yi duk mako. Ɗaya ya zaɓo tambayoyi biyar ya turo kwana biyu kafin zama, kowa ya gwada su shi kaɗai. Ɗaya ya yi bayani a allo, ɗaya ya rubuta abin da ya gagare mu ya kai wa malam, na huɗu ya kama ɗaki ya kuma tsare lokaci. Kada bayani ya zama na gwani kullum, domin gyaɗa kai ba ganewa ba ne. In an gama tambaya, a canja alƙalumanta a miƙa wa wanda ya fi yin shiru. In ya cije, ba mu wuce ba. Aikin da ake ba wa maki kuwa, kowa ya rubuta nasa. A nan amsoshi biyu in sun yi kama, tuhuma ce.

Maganar ɗaki ce ta sa na ɗauki alƙalami. Talatar da ta wuce ni kaɗai na zauna, kuma ƙa'idar masu kula da ɗakunan in minti 15 ya wuce ba a kai mutum biyu ba, ɗakin ya tashi daga hannunka. Ma'aikaciyar ta zo da murmushinta ta ce in tattara, ga wasu ɗalibai tsaye a ƙofa suna kallona ina cusa takardu a jaka. Ni da ƙannena ke layi in koya musu lissafi! Wallahi ran nan na yi kewar gida. Wanda ba zai samu zuwa ran Talata ba, ya faɗa kafin azahar.

Lahadi ban sa komai ba da gangan. Ranar kiran gida ce, kuma tun da aka mayar da agogon ƙasar nan baya da awa ɗaya, in na yi jinkiri sai in tarar Umma ta kwanta. Kullum tambayarta ko na samu abokan karatu na kirki, ni kuma in ce mata ƙwarai. Autarmu ma tana jira da nata lissafin, ta waya nake koya mata.

Ku ba ni amsa kafin Alhamis. Kamun ɗakin makon farko na ɗauka.

Naku,
ɗan uwanku